Babi na Biyar: Gem Ɗin Ne Mugu, Ko Ni Ne Ban Iya Ba?

Wai shin wanda ya haɗa gem ɗin nan mugunta ya nufa, ko kuwa ni ne hannuna bai faɗa ba? Duk wanda ya taɓa riƙe fad a gidan gem, ko ya kwana yana latsa waya, ya yi wa kansa wannan tambayar ko da sau ɗaya. Ni a bakin ɗan ƙanwata na fi jin ta, a Faskari, cikin watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomin Katsina da dama, har da mu da Ƙanƙara da Sabuwa. Ba kira, ba hira, ba karawa da abokai ta intanet. Abin da ya rage wa yara shi ne gem ɗin da ke cikin waya tun da farko, wanda suke tura wa juna ta Xender, su buɗe shi da PPSSPP. Abokin karawa ɗaya ne, wato kwamfuta.

A cikin mako guda yaron nan ya goge gem uku. Ranar da ya zo goge na huɗu, wato PES, ina zaune kusa da shi a zaure.

"Kawu, wallahi wannan maguɗi yake yi. Da na karɓi ƙwallo sai su ƙwace."

Na ce ya ba ni wayar. Na shiga wajen saiti, sai ga matakin wasan a kan Top Player. Abokin da ya tura masa ya haɗo har da nasa saitin, shi kuma yaron bai ma san akwai wurin da ake canza wannan ba. Kwana biyu ya yi yana karawa da mataki mafi tsauri a gem ɗin, yana zaton haka kowa yake fara shi.

Saitin da ke hannunka

Yawancin gem suna tambayarka tun a ƙofa: da sauƙi kake so, ko tsaka-tsaki, ko da tsauri? A skirin za ka ga Easy, Normal da Hard, ko wasu sunaye da suke nufin haka. Mutane da yawa suna danna wucewa ba su karanta ba, wasu kuma suna zaɓar na ƙarshe don kada a raina su. Amma kaɗan ne suka san abin da wannan zaɓin yake taɓawa a cikin gem ɗin.

A gem na faɗa, sau da yawa lissafi kawai ake canzawa. Ɗauki Skyrim, wanda ya fito a 2011, domin nasa lissafin a fili yake. A matakin tsakiya, Adept, saranka yana yin ɓarnar da aka rubuta masa, na abokin gaba ma haka. A Novice, saranka ya ninka biyu, nasa kuma ya koma rabi. A Legendary kuwa saranka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, nasa ya ninka uku. To dubi abin da wannan yake nufi a fagen daga. Maƙiyin da sara 10 ke kayarwa a Adept, sara 5 ya ishe shi a Novice, amma a Legendary sai ka sare shi sau 40. In da kana iya jure dukansa 6 kafin ka faɗi, yanzu 2 ne. Maƙiyin bai ƙara wayo ba, bai canza salon kai hari ba. An dai tsawaita faɗan, an kuma rage yawan kuskuren da za a yafe maka. Idan ka gane wannan, za ka daina ɗaukar matakin tsauri a matsayin gwajin mazantaka. Tambayar da ake yi maka a ƙofa ita ce: kuskure nawa kake so a yafe maka kafin a kayar da kai?

A gem na ƙwallo abin ya ɗan bambanta, don can halin kwamfutar ake canzawa. PES yana da Beginner, Amateur, Regular, Professional da Top Player, daga baya aka ƙara Superstar a sama. FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, yana tashi daga Beginner har Legendary da Ultimate. A matakan ƙasa, 'yan bayan kwamfuta suna jinkirin tarar ka, suna barin fili, golanta ma yana makara. A matakan sama suna rufe hanyar fasin tun kafin ka bayar, suna matsa maka da mutum biyu, kuma da wuya su ɓata ƙwallo da kansu. A FIFA har an ba ka damar taɓa waɗannan ɗaya bayan ɗaya: a cikin saiti akwai ma'aunai irin su Pass Error da Goalkeeper Ability, naka daban, na kwamfuta daban, waɗanda kake ja sama ko ƙasa yadda ka ga dama.

Zancen maguɗi kuwa ba a zaurenmu kaɗai ake yin sa ba. A 2020 wasu 'yan wasa a Kalifoniya sun kai kamfanin EA ƙara, suna zargin yana juya tsaurin wasa a ɓoye don a sayi sababbin 'yan wasa. A 2021 suka janye ƙarar, bayan kamfanin ya nuna musu bayanan yadda gem ɗin yake aiki. Akwai dai gem da suke juya tsauri ba tare da sun faɗa maka ba, kamar Resident Evil 4 na 2005, sai dai shi idan ya ga kana yawan mutuwa sassauta maka yake yi, in ya ga ka ƙware ya ƙara matsawa.

Asalin tsaurin daga ramin kwabo yake

Don a gane dalilin da ya sa tsofaffin gem suke kisa ba tausayi, sai an tuna inda aka fara buga su. Kafin gem ya shiga ɗaki, a shago yake, cikin wani dogon akwati mai ramin jefa kuɗi. A Japan yen 100 ake jefawa, a Amurka santi 25. Mai shago yana samun kuɗi ne idan wanda ke kan injin ya mutu ya sauka, na bayansa ya jefa nasa. Gem ɗin da mutum zai yi awa guda a kai da kwabo ɗaya asara ne. Saboda haka aka gina su su yi daɗi a mintin farko, su yi zafi a na uku.

Space Invaders na 1978 misali ne mai kyau. Maƙiya 55 ne suke saukowa a jere. Tomohiro Nishikado, wanda ya haɗa shi, ya lura cewa duk sa'ad da aka harbe wasu, sauran sai su ƙara sauri, domin injin yana da ƙarancin abin zanawa. Bai gyara ba, ya bar shi haka, ya zama gishirin wasan: kana kusa da nasara, abin yana ƙara tsananta. A cikin akwatin Pac-Man na 1980 kuma akwai wasu 'yan makunnai da mai shago kaɗai ke iya kaiwa gare su, da su yake zaɓar ko rai 1 za a ba ka, ko 2, ko 3, ko 5. Ke nan a waɗannan injinan saitin tsauri a hannun mai karɓar kuɗi yake. Wanda ya san gidajen gem na Funtuwa ko na nan Faskari ba zai yi mamaki ba. Mai shago ne ke yanke minti nawa wasa zai ɗauka, domin man janareto yana ƙonewa, layi kuma yana jira.

Da gem ya koma gida, halin ya biyo shi. Waɗanda suka buga Contra a gem na kaset za su tuna: rai 3, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka mutu. Kaset ɗin ba ya ɗaukar abu mai yawa, wanda ya iya zai gama shi cikin ƙasa da awa guda, don haka tsaurin ne yake sa ya yi maka watanni.

Wanda ya ƙi ba ka zaɓi

Yanzu ga wanda ya fi ɗaure wa mutane kai. A yau babu ramin kwabo, gem kuma yana iya ɗaukar duniya guda, amma akwai masu haɗa gem da suke tsaurara shi da gangan, su kuma ƙi saka Easy kwata-kwata. Jagoransu shi ne kamfanin FromSoftware na Japan da daraktansa Hidetaka Miyazaki, masu Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022. Ba su ne ake yawan bugawa a shagunanmu ba, inda ƙwallo da Mortal Kombat suka fi kasuwa. Duk da haka zan tsaya a kan farkon Dark Souls, domin ban san wani wuri da ya fi shi nuna yadda tsauri mai ma'ana yake ba.

Kana farawa a kurkuku, a hannunka guntun takobi karyayye. Ka yi 'yar tafiya kaɗan, ka tura wata babbar ƙofa, sai wani ƙaton dodo mai suna Asylum Demon ya diro gabanka da gudumar da ta fi ka tsawo. Abin da kowa yake yi shi ne ya ruga ya kai masa sara. Sai ka ga ma'aunin ransa ko motsi bai yi ba, shi kuwa duka biyu ko uku ya gama da kai. A nan ne masu saurin ajiye fad suke ajiyewa, suna cewa wannan zalunci ne.

Amma dubi ɗakin da kyau. A ƙasa akwai rubutu da ke ce maka ka gudu. A gefen hagu akwai ƙaramar ƙofa a buɗe. Idan ka bi ta, za ka tsinci garkuwarka da makaminka na gaskiya, ka haɗu da wani jarumi da ke bakin mutuwa ya ba ka Estus Flask, gorar magani mai kurɓa 5. Hanyar za ta zagaya da kai har ka fito ta bene, a saman kan dodon. Ka diro masa da sara daga sama, sai ka ga kaso mai tsoka na ransa ya tafi a bugu ɗaya. Dodon da ya gagara ɗazu ya zama abin da sabon shiga zai iya kayarwa. A cikin minti ashirin gem ɗin ya koya maka ka duba wuri kafin ka kai hari, ya koya maka cewa ja da baya ma dabara ce, kuma bai yi maka dogon bayani ba. Da an ba ka Easy ka tsaya ka sassare dodon da guntun takobi, da ba ka ga ƙofar hagun ba, kuma da ka shiga sauran gem ɗin da halin da zai yi ta kashe ka.

Hukuncin mutuwa ma an auna shi. Duk maƙiyin da ka kashe yana ba ka souls, su ne kuɗinka, su ne kuma abin ƙara ƙarfi. Idan ka mutu, suna zubewa a inda ka faɗi, kai kuma ka farka a wutar da ka huta ta ƙarshe, maƙiyan hanya duk sun dawo. Ana ba ka dama ɗaya ka koma ka kwashe. In ka sake mutuwa kafin ka isa, sun tafi ke nan. Makamanka da ƙofofin da ka buɗe suna nan, ba a taɓa su ba. Wannan tsarin yana sa ka bi hanya ɗaya sau biyu, karo na biyu da idonka a buɗe, ka san a wane lungu mai kibiya yake laɓe. Ga kuma koren ma'aunin numfashi: sara yana cin sa, tare duka da garkuwa yana cin sa, tsalle gefe ma haka. Wanda ya latsa sara sau huɗu a jere zai tsaya ba numfashi daidai lokacin da guduma ke saukowa. Kusan duk mutuwar sabon shiga daga nan take.

Abin yana tuna mini da dattawan da ke buga dara a gindin bishiya. Akwai wanda in yaro ya zauna gabansa zai sassauta, ya bar shi ya ci don ya ji daɗi. Akwai kuma wanda ba ya ragawa kowa, zai cinye ka sau goma, amma kowane ci a gabanka aka yi shi, kana iya nuna ramin da ka bari a buɗe. A wajen na biyun ake fitowa gwani. Ni a ganina Miyazaki irin wannan dattijon ne, kuma ina girmama aikinsa. Sai dai ban yarda cewa kowa dole ya zauna gabansa ba. Wanda yatsunsa ke da lalura, ko wanda rabin awa kawai yake samu bayan ya dawo daga gona, yana da haƙƙin neman wata hanya. Celeste na 2018 gem ne mai tsauri ƙwarai, amma masu shi sun saka Assist Mode inda za ka iya rage saurin wasan har zuwa rabi, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Tsaurin da ke leƙen aljihunka

Akwai wani tsaurin da yake kama da wancan a fuska, alhali jikan ramin kwabo ne. Shi ne ya fi yawa a wayoyinmu. A Candy Crush Saga, wanda kamfanin King ya fitar a 2012, rai 5 ake ba ka, kowane ɗaya kuma sai ya yi minti 30 kafin ya dawo. Za ka yi ta wuce matakai cikin sauƙi, sai ka iso wani ka maƙale. Motsinka ya ƙare saura ƙiris ka gama, nan take allo ya fito yana tayin ƙarin motsi in za ka biya. Alawoyin da ke zubowa daga sama kuma sa'a ce, don haka kana iya yin komai daidai ka faɗi, gobe ka yi wasa da ka ka wuce.

Ga yadda nake rarrabe su. Bayan ka faɗi, ka tambayi kanka: zan iya faɗin abin da na yi ba daidai ba? A Dark Souls amsar tana nan kullum: na yi sara na uku maimakon in kauce, na sha magani a gaban dodo. Idan ka rasa amsa, kuma abin da ya fara bayyana a skirin farashi ne ko talla, to ba koyar da kai ake yi ba. Ajiye irin wannan gem ɗin ba gazawa ba ce, kuma ba zan ce wa kowa ya daure masa ba.

Abin da muka yi da yaron

Mu koma zaure. Na sauke masa PES daga Top Player zuwa Regular, sai ya ɓata fuska.

"Kawu, ai wannan na yara ne. Abokaina za su yi mini dariya."

Na ce masa mu yi sharaɗi. Ya buga wasa 10 a Regular, yana rubuta sakamako a bayan littafinsa. In ya ci 7 ko fiye, ya hau mataki ɗaya. In aka cinye shi 7, ya sauka ɗaya. In abin ya tsaya tsakani, nan ne wurinsa, ya zauna. Wannan ƙa'idar tawa ce, ba a rubuce take a wani gem ba, amma dalilinta a fili yake: matakin da kake ci kullum ba ya nuna maka kuskurenka, wanda ake cin ka kullum kuma ba ya barin ƙwallo a ƙafarka har ka gwada wani abu.

Na zauna na kalli wasa uku na farko, idona a kan yatsunsa maimakon skirin. Kuskure biyu ne kawai, yana ta maimaita su. Ɗan yatsansa ba ya sauka daga kan R, maɓallin gudu. A PES idan kana gudu, ɗan wasa yana tura ƙwallo nesa da ƙafarsa, kuma ba ya iya juyawa da sauri, don haka mai tsaron baya yana jira ne kawai a tura ta ya sa ƙafa. Wannan shi ne "maguɗin" da yake gani. Na biyu, da zarar an ƙwace sai ya danne X ya ja ɗan baya na tsakiya ya bi ƙwallo har tsakiyar fili, ya bar rami a bayansa, kwamfuta kuma ta zura fasin ta nan. Na ce ya saki R sai ya ga fili a gabansa, in kuma an ƙwace ya tare da ɗan tsakiya, ya bar na baya a layinsu. Abu biyu kacal, ban ƙara masa na uku ba.

Wasa 10 na farko ya ci 4, aka yi kunnen doki a 3. Na biyu ya ci 8, ya hau Professional, inda aka sake lallasa shi kwana biyu. A nan ne iyakar matakin sauƙi ta fito. A Regular ya saba bin gefe da gudu ya kwaso ƙwallo cikin raga, abin yana ci, sai ya zama masa hali. A Professional an rufe wannan hanyar, dole ya koyi mayar da ƙwallo baya ya sake ginawa. Shi ya sa ba na son mutum ya daɗe a matakin da ya riga ya ƙware a kansa.

God of War da ya goge ma ya dawo da shi wayar, kuma a nan sai da na ja masa kunne a kan wani abu. Tun na farkon da ya fito a PS2 a 2005, idan ka yi ta mutuwa gem ɗin yana tambayarka ko a mayar da kai Easy. Amma sauƙin faɗa kawai yake shafa. In abin da ke kashe ka tsallake rami ne ko tafiya a kan siririn katako, Easy ba zai ƙara maka komai ba. Saboda haka kafin ka taɓa saiti, ka fara sanin me ke kashe ka.

Kafin a buɗe layukan waya, yaron yana cin rabin wasanninsa a Professional. Ranar da ya je gidan gem ya kara da wani saurayi a PS4, aka zura masa 4 ba ko ɗaya, ya dawo yana cewa mutumin ba ya yin abin da kwamfuta take yi, yana yaudara, yana jira, yana canza salo bayan hutun rabin lokaci. Gaskiya ya faɗa. Mutum ba shi da Easy, kuma idan ka shiga intanet wani tsari ne na daban yake zaɓa maka wanda za ka kara da shi. Yadda wannan tsarin yake auna ƙarfinka, da dalilin da ya sa bayan ka ci wasa uku a jere sai a haɗa ka da wanda ya fi ka, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba.